Hannun agogon da ba a gani: yadda lokaci ke aiki a lissafin Schrödinger

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2025 don tunawa da cikar kimiyyar kwantam shekara ɗari, sunan Erwin Schrödinger ya sake yawaita a jaridu da shirye-shiryen rediyo. Tare da sunan kuma wani tsohon ruɗani ya dawo, wanda duk ɗalibin fiziks ya taɓa cin karo da shi a aji. An ce lissafin Schrödinger shi ne dokar da ke faɗin yadda ƙananan abubuwa irin su elektiron ke sauyawa da wucewar lokaci. Sai kuma a shafi na gaba a ce elektiron da ke cikin atam yana wani hali da ba ya sauyawa har abada. To ina lokacin ya shiga? Idan dokar sauyi ce, yaya ta haifi abin da ba ya sauyawa?

Amsar a taƙaice ita ce akwai abin da ke juyawa, kuma juyawa mai tsananin sauri, amma babu na'urar da za ta gan shi muddin shi kaɗai ne. Sai an haɗa biyu masu bambancin sauri sannan motsi ya bayyana.

Kalmomin da za a riƙe

Na farko shi ne ψ, harafin Girkanci da ake furtawa "sai". Shi ne cikakken bayanin halin da elektiron ke ciki. A kowane wuri a sarari, ψ na da ƙima, amma ƙimar ba irin lambar da ake ƙirga kuɗi da ita ba ce. Lamba ce mai fuska biyu, kuma hanya mafi sauƙi ta fahimtarta ita ce a ɗauke ta kamar hannun agogo: yana da tsawo, yana kuma da inda ya nuna. Sai mai karatu ya ƙaddara cewa a kowane ɗigo na sarari an kafa ɗan ƙaramin agogo mai hannu ɗaya.

Tsawon hannun shi ke da alaƙa da abin da ake aunawa. Idan aka ninka tsawon da kansa, abin da ake rubutawa |ψ|², sai a sami yiwuwar samun elektiron a wannan wurin idan an neme shi. Max Born ne ya kawo wannan fassarar a 1926. Inda hannun ya nuna kuma, wato ƙarfe uku ko ƙarfe tara, shi ne za mu riƙa kira kusurwa a wannan sharhi.

Na biyu shi ne H, wanda aka sa masa sunan William Rowan Hamilton. Shi ba lamba ba ne, umarni ne: a ba shi ψ, ya yi aiki a kansa, ya mayar da wani sabon ψ. Aikin nasa kashi biyu ne. Yana auna yadda ψ ya lanƙwasa daga wuri zuwa wuri, wanda shi ne makamashin motsi, sannan ya ƙara makamashin da ke tattare da wurin, kamar jan da tsakiyar atam ke yi wa elektiron.

Galibi idan H ya taɓa ψ, siffar da ke fitowa ta sha bamban da wadda ta shiga. Amma akwai wasu siffofi na musamman da ke fitowa yadda suka shiga, sai dai an ninka su da wata lamba guda, E. Waɗannan su ne halaye masu tsayayyen makamashi, kuma E ɗin shi ne makamashinsu. A atam ɗin haidirojin, mafi ƙanƙanta yana da −13.6 eV, na biye da shi −3.4 eV, inda eV yake ma'aunin makamashin ƙananan abubuwa irin su elektiron.

Dokar kanta, da aikin da i ke yi

Schrödinger, yana koyarwa a Jami'ar Zurich, ya fitar da jerin maƙalu huɗu a mujallar Annalen der Physik a 1926. A na farko ya nemo waɗannan halaye na haidirojin. Sai a na huɗu ya rubuta dokar da ta ƙunshi lokaci:

```
iħ ∂ψ/∂t = Hψ
```

Hagu yana faɗin saurin da ψ ke sauyawa a yanzu, dama yana faɗin abin da ke jawo sauyin. ħ ƙaramar lambar Planck ce, kimanin 6.58 × 10⁻¹⁶ eV·s. Shi kuwa i shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta sai a sami −1. A harshen hannun agogo, ninkawa da i na nufin juya hannun rubu'in da'ira, ba tare da taɓa tsawonsa ba.

Yanzu a ɗauki halin da makamashinsa ya tsaya, a kira siffarsa φ. Tunda H ba ya yi masa komai sai ninkawa da E, dokar ta koma mai sauƙi ƙwarai: saurin sauyin ψ daidai yake da ψ ɗin kansa, an ninka shi da E/ħ, an kuma juya shi rubu'in da'ira. Wato turin da ake yi wa bakin hannun agogon a kowane lokaci ba ya bin tsawonsa, a gicciye yake zuwa. Duk wanda ya taɓa ganin akuya a turke tana zagayawa igiya a miƙe ya san sakamakon: tafiya ake yi, amma nisa daga turke bai ƙaru ba, bai ragu ba. Hannun zagayawa kawai zai yi. A rubuce:

```
Hφ = Eφ
ψ(x,t) = φ(x) · exp(−iEt/ħ)
|ψ(x,t)|² = |φ(x)|²
```

Layi na biyu ya ce dukkan ƙananan agogunan da ke ko'ina a sarari suna juyawa tare, da sauri iri ɗaya, E/ħ. Layi na uku ya ce tsawon kowane hannu yana nan yadda yake, don haka yiwuwar samun elektiron a kowane wuri ba ta motsa ba. Haka ma matsakaicin duk wani abin da za a auna, ko wuri ne ko ƙarfin tafiya, domin a lissafinsa ψ yana shigowa sau biyu, ɗaya da kusurwarsa, ɗaya da kishiyarta, sai su kashe juna.

Abu biyu ne suka riƙe wannan sakamakon. Na farko i. Idan aka cire shi, dokar ta zama kusan irin ta yaɗuwar zafi a ƙarfe, inda turin ke bin tsawon hannun, abin kuma ya yi ta raguwa har ya mutu. Na biyu, dole E ta zama lamba ta zahiri, ba ta da gaurayen i a cikinta. Wannan yana zuwa ne daga irin ginin H, kuma shi ke tabbatar da cewa jimillar yiwuwa tana nan ɗaya cif, elektiron bai ɓace ba, bai kuma zama biyu ba. Shi kansa Schrödinger bai karɓi i da hannu biyu ba. A wasiƙar da ya aika wa Hendrik Lorentz a Yunin 1926 ya nuna rashin gamsuwa da shigowar irin waɗannan lambobi, don a ganinsa ψ ya kamata ya zama na zahiri. Daga baya ya amince da su, domin lissafin ya fi tsabta da su.

Akwai wani hoto da ke yawan ɓatar da ɗalibai a nan. Littattafai na kwatanta waɗannan halaye da tsirkiyar gurmi da aka kaɗa, kuma ta fuskar siffa kwatancen ya yi. Ta fuskar lokaci kuwa bai yi ba. Tsirkiya tana hawa, tana sauka, kuma sau biyu a kowane zagaye takan miƙe sambal. Da ψ haka yake yi, da sau biyu a kowane zagaye an nemi elektiron an rasa ko'ina. Hannun agogo ba ya taɓa gajarcewa zuwa sifiri, juyawa yake yi. Kwatancen da ya fi kusa shi ne farin faranti marar zane yana juyawa a kan cibiyarsa: ko yana gudu ko yana tsaye, ido ba zai bambanta ba.

Elektiron a cikin akwati mai faɗin nanomita ɗaya

A ɗauki elektiron da aka tsare tsakanin bango biyu, nisansu nanomita ɗaya, wato kimanin atam huɗu ko biyar a jere. Halin farko yana da siffar tudu guda a tsakiya, makamashinsa 0.376 eV. Na biyu yana da tudu a hagu da kwari a dama, makamashinsa ninki huɗu ne, 1.504 eV. Kwarin yana nufin hannayen agogunan dama sun ba na hagu baya: idan na hagu na nuna ƙarfe goma sha biyu, na dama na nuna ƙarfe shida.

Lokacin zagaye ɗaya shi ne h/E, inda h, cikakkiyar lambar Planck, ke da 4.136 × 10⁻¹⁵ eV·s. Halin farko yana kammala zagaye cikin femtosakan 11, na biyu cikin 2.75. Femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan. Sauri ne da hankali ba ya kamawa, amma idan elektiron na cikin ɗaya daga cikin halayen nan shi kaɗai, duk wannan gudun ba ya barin alama. Rabin yiwuwa a hagu, rabi a dama, yau da gobe.

Yanzu a gauraya su rabi da rabi. Dokar Schrödinger ta yarda da haka, kuma kowane ɓangare zai ci gaba da juyawa da nasa saurin, bai damu da ɗan'uwansa ba. A kowane wuri sai a haɗa hannayen biyu, a ɗora gindin ɗaya a bakin ɗaya, a auna tsawon da aka samu. A farko, a gefen hagu hannayen biyu suna kallon wuri guda, sai su ƙarfafa juna. A gefen dama sun ba juna baya, sai su rage juna. Idan aka yi lissafin, yiwuwar samun elektiron a rabin hagu ta kai kashi 92 cikin ɗari.

Amma na biyu ya fi sauri. Bayan femtosakan 1.83 ya wuce na farko da rabin da'ira, sai lamarin ya juye: hagu ya koma kashi 8, dama ya ɗauki 92. Bayan 3.67 komai ya dawo yadda aka fara. Matsakaicin wurin elektiron yana kai da komo tsakanin 0.32 da 0.68 na nanomita. A rubuce, inda L yake faɗin akwatin:

```
⟨x⟩ = L/2 − (16L/9π²) · cos((E₂ − E₁)t/ħ)
```

A lura da abin da ke cikin wannan layin. Babu 11 a ciki, babu 2.75. Abin da ya fito shi ne 3.67, wanda ake samu daga raba h da bambancin makamashin biyu, 1.128 eV. Makaɗin da ke gyara tsirkiya biyu ya san irin wannan: idan sautinsu ya kusa daidaita amma da saura, kunne yana jin wata rawar murya mai hawa da sauka, kuma saurinta bambancin biyun ne, ba saurin ko ɗaya ba.

Wani abu kuma bai sauya ba duk da wannan kai da komon. Idan aka auna makamashi, a kowane lokaci, rabi za a sami 0.376, rabi 1.504. Gaurayen ba ya karkata zuwa ɗaya. Kusurwar da ke tsakaninsu kawai ke tafiya.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa alamar ragi a −13.6 eV ba ta da wata illa. Tana nufin hannun yana juyawa ta ɗaya gefen, shi ke nan. Inda aka sa sifirin makamashi zaɓin mai lissafi ne, kamar mai auna zurfin rijiya da zai iya farawa daga bakinta ko daga ƙasan fili. Wani zai iya ƙara wa kowane hali makamashin nauyin elektiron, kusan 511,000 eV. Agogunan duka za su ƙara gudu ninkin ba ninki, amma da adadi iri ɗaya, bambancin kuma yana nan.

Inda masana suka saɓa

Tun 1913 Niels Bohr ya ce akwai halaye a cikin atam da elektiron ke zama ba tare da fitar da haske ba, kuma haske na fita ne idan ya yi tsalle daga ɗaya zuwa wani, da mitar da ta yi daidai da bambancin makamashinsu. Lambobinsa sun dace da hasken haidirojin, amma bai ba da dalili ba, ƙa'ida ya kafa. Fiziks na wancan zamani kuwa ya ce cajin da ke zagayawa dole ya zubar da makamashi, ya faɗa tsakiya cikin ƙiftawar ido.

Schrödinger ya ga dalilin a lissafinsa. Ya ɗauki |ψ|² a matsayin cajin elektiron da ya bazu kamar hazo. A hali mai tsayayyen makamashi hazon ba ya motsi, don haka babu abin da zai fitar da haske. A gaurayen biyu kuwa hazon yana kaɗawa da mitar bambancin, daidai abin da Bohr ya kafa. A haidirojin bambancin 10.2 eV ne tsakanin halin farko da na biyu, wanda ke ba da haske mai tsawon zango nanomita 121.6. A ganinsa babu buƙatar tsalle ko kaɗan.

Bohr da Werner Heisenberg ba su yarda ba, kuma an yi doguwar muhawara lokacin da Schrödinger ya ziyarci Copenhagen a ƙarshen 1926. Hujjarsu na da nauyi. Duk lokacin da aka kama elektiron, cikakke ake kama shi a wuri guda, ba a taɓa samun sulusinsa ba. Sannan ψ na elektiron biyu ba ya zaune a sararin da muka sani, yana buƙatar ma'auni shida. Fassarar Born ta yiwuwa ce ta yi rinjaye, amma bayanin Schrödinger kan inda mitar ta fito ya tsaya. Har yau akwai mazhabobi kan abin da ke faruwa a daidai lokacin awo, wasu na cewa ψ yana rushewa, wasu na cewa ba ya rushewa. Dukkansu sun yarda da lissafin da ke sama.

Iyakokin maganar

Rashin sauyi ba ya nufin elektiron yana kwance. A cikin akwatin nan duk makamashinsa na motsi ne, kuma idan aka auna ƙarfin tafiyarsa za a sami wani abu, wani lokaci zuwa hagu, wani lokaci zuwa dama. Abin da ya tsaya shi ne rabon yiwuwa. Akwai ma halaye a atam da caji ke zagayawa a cikinsu ba fasawa, kamar kogin da ruwansa ke gudu amma zurfinsa bai sauya ba.

Sharaɗi na gaba shi ne H kansa kada ya sauya da lokaci. Da an haska atam da leza, ko an kunna maganaɗisu mai kaɗawa, tsohon halin ya daina zama mai tsayayyen makamashi, kuma yanzu tsawon hannayen ma zai iya sauyawa.

Sai tambayar da ta fi wuya: idan halin sama na haidirojin ba ya sauyawa, don me yake faɗowa ya fitar da haske? Domin H ɗin da aka rubuta a aji bai cika ba. Ya ƙunshi elektiron da furoton, ya bar filin haske a waje. Paul Dirac ya nuna a 1927 cewa idan aka shigar da filin, halin saman ba tsayayye ba ne na haƙiƙa. Halin da ake kira 2p yana ɗaukar kimanin nanosakan 1.6 kafin ya faɗo. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. A ma'aunin atam wannan dogon zama ne, domin kusurwarsa ta riga ta zagaye ta halin ƙasa kusan sau miliyan huɗu, shi ya sa kusantarwar ke aiki. Ɗan'uwansa 2s, wanda hanyar faɗowa da ɗigon haske ɗaya ta toshe masa, yana kai kimanin kashi ɗaya cikin takwas na sakan. Halin ƙasa ne kaɗai ba shi da inda zai faɗa.

Masu gwada lissafin a kwamfuta kuma suna da tarkonsu. Idan aka bi hanya mafi sauƙi, ta Euler, kowane taki yana tura bakin hannun a miƙe maimakon a lanƙwashe, sai ya ɗan fita daga da'ira. Idan juyin kowane taki 0.1 ne na radiyan, jimillar yiwuwa na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin ɗari a kowane taki, kuma bayan taki ɗari ta kai 2.7 maimakon 1. Alamar a bayyane take ga wanda ke duba jimillar a kai a kai. Hanyar Crank da Nicolson ta 1947 tana riƙe tsawon daidai, ko da yake tana iya ɗan kuskure saurin juyin idan takin ya yi girma.

Inda abin ya taɓa mai waya a aljihu

Tun 1967, ma'anar sakan a duniya ta dogara ne kan wannan bambancin kusurwa. Atam ɗin siziyom-133 yana da halaye biyu na ƙasa da ke kusa da juna ƙwarai, bambancinsu kimanin 0.000038 eV. Sakan ɗaya shi ne lokacin da ɗaya ke ɗauka ya zagaye ɗayan sau 9,192,631,770. Louis Essen da Jack Parry ne suka gina agogon siziyom na farko mai aiki sosai a Birtaniya a 1955.

Dabarar karanta agogon, wadda Norman Ramsey ya ƙirƙiro a 1949, ita ce misalin akwatin nan a aikace. Ana buga wa atam ɗin ɗan gajeren sigina na rediyo da zai sa shi cikin gauraye rabi da rabi. Sai a ƙyale shi na ɗan lokaci, kusurwar da ke tsakanin halayen biyu ta yi tafiyarta. Bugu na biyu yana mayar da wannan kusurwar ta zama abin ƙirgawa, wato atam nawa suka ƙare a halin sama, nawa a ƙasa. Idan na'urar da ke samar da siginar ta yi gaba ko ta yi baya, ƙirgen zai nuna, sai a gyara ta.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna ɗauke da irin waɗannan agogunan, na rubidiyom da na siziyom. Wayar direban da ke neman wata unguwa tana gano wurinta ne daga lokacin da sigina ya ɗauka kafin ya iso daga kowane tauraro. Sigina na cin kimanin santimita 30 a nanosakan ɗaya, don haka agogon da ya kauce da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan zai jefa taswira mita 300 daga inda motar take.